Ina shan taba, da wane baki zan hana ɗana?

Assalamu alaikum. Ni tela ne a Zariya, shekaruna 44. Na fara shan taba sigari ina ɗan shekara 17, a shagon da na koyi aiki, lokacin ɗinkin sallah. Yanzu ina shan kamar kara goma a rana, na sha bari ina komawa. A hutun da ya wuce uwar ɗakina ta ga guntun sigari da ashana a jakar babban ɗanmu, shekarunsa 16, yana makarantar kwana. Da ta yi masa faɗa sai ya ce mata, "Ai Baba ma yana sha." Maganar nan ta hana ni barci. Ɗan fari ne, sunan mahaifina gare shi, ko sunansa ba na faɗa, balle in zaunar da shi mu yi irin wannan magana. Har ya koma makaranta ban ce masa uffan ba. Ina so in rubuta masa wasiƙa in gaya masa nadamar da nake yi, amma ban san ta inda zan fara ba, kuma ina tsoron girmana ya zube a idonsa. Me zan ce masa?

Wani uba, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya shirya mana zuri'a, ya kuma yaye maka wannan damuwa.

Ka rubuta, kuma kada ka jira hutu mai zuwa. Ka rubuta da hannunka a takarda, da Hausar da kuke yi a gida, ka rufe ta a ambulan, ka ba wanda zai danƙa masa hannu da hannu. Kada ta bi ta hannun malamin ɗakin kwanansu, domin idan aka buɗe ta a makaranta maganar ta tashi daga tsakanin uba da ɗa ta koma maganar horo, ƙila har da kora. Takarda tana da amfanin da zama ido da ido ba shi da shi a irin gidajenmu: yaro zai karanta shi kaɗai, ba sai ya sunkuyar da kai yana jiran a gama ba, kuma zai iya sake karantawa bayan wata guda. Kai ma alkunya ba za ta riƙe maka harshe ba.

Batun girma kuwa, yaron nan ya taso yana jin warin a rigarka, ya san lokacin da kake zagawa bayan shago. Babu wani sirri da wasiƙar za ta tona. Abin da bai sani ba shi ne yadda abin yake daga ciki, kuma duk garinku babu wanda zai iya gaya masa wannan ya yarda kamar kai. Malaminsa da bai taɓa sha ba zai ce masa taba guba ce, ya ji ta kunnen dama ta fita ta hagu. Kai ne kawai za ka iya ce masa, na san daɗin da kake ji, ga kuma inda yake kaiwa.

Yawancin iyaye da mutuwa suke fara irin wannan magana: ciwon daji, huhu baƙi ƙirin, gargaɗin da ke jikin kwali. Duk gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, kuma tana iya kashe har rabin masu shanta da ba su daina ba. Sai dai ɗan shekara 16 ba ya auna abin da zai same shi yana da 60. Ga shi kuma yana ganinka kullum da ƙafafunka kana taka keke, to a lissafinsa ai kai ne hujjar cewa abin bai kai yadda ake faɗa ba. Abin da matashi ba ya jurewa shi ne a ce wani yana juya shi, ko an yi masa wayo. Ta nan za ka shiga, domin ainihin abin da taba ta ƙwace maka tun kafin ta taɓa lafiyarka shi ne ikon cewa a'a.

Bari in bayyana maka yadda hakan ke faruwa, don ka rubuta da sani. A cikin ganyen taba akwai sinadarin nikotin. Idan aka zuƙi hayaƙin, nikotin yana bi ta huhu ya shiga jini ya isa ƙwaƙwalwa cikin kamar daƙiƙa 10 zuwa 20, ya sa ta saki sinadarin da ke kawo jin daɗi da ɗan wartsakewa. Saurin nan shi ne tarkon, domin ƙwaƙwalwa tana saurin koyon duk abin da ladansa ke zuwa nan take. Da aka yi ta maimaitawa sai ta sake tsarinta, ta ƙara wuraren karɓar nikotin, ta mayar da samunsa shi ne daidai. Shi kuma ba ya daɗewa a jiki: cikin kamar awa 2 rabinsa ya fita daga jini. Da ya ragu sai mutum ya fara jin ƙunci, hankali ya ƙi tsayawa kan aiki, ƙaramin abu ya ba shi haushi. Ya kunna kara ɗaya, ƙuncin ya tafi, sai ya ce taba tana kwantar masa da hankali. Alhali ƙuncin da ta kwantar, karan da ya gabata ne ya haifar da shi. Natsuwar da mai shan taba yake biya ya samu na 'yan mintoci, ita ce wanda ba ya sha yake yawo da ita yini guda kyauta. Shi ya sa karan safe ya fi kowanne ƙarfi, saboda dare ya kwashe abin da ke jini.

Shekarun da ka fara su ne mafi haɗari, kuma a cikinsu ɗanka yake. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma ɓangaren da ke taka wa sha'awa birki shi ne na ƙarshen kammaluwa. Binciken da hukumomin lafiya na Amurka suka tattara a 2012 ya nuna kusan 9 cikin 10 na manyan da ke shan taba kullum sun fara ne kafin su wuce shekara 18. A wurin matasa alamun kamuwa suna iya bayyana tun ana shan kara ɗaya-biyu a mako, tun yaro yana ganin wasa yake yi. Huhu ma yana ci gaba da girma har farkon shekaru 20, kuma hayaƙi yana rage masa girman da ya kamata ya kai. Saboda haka kada kowa ya ce maka ai guntu ɗaya ne kawai aka gani.

Kafin ka ɗauki biro, ka yi wani lissafi. Kara 10 a rana shi ne kara 3,650 a shekara. A shekara 27 ya zama 98,550. Na san ba da goma ka fara ba, to ka rage yadda ka ga ya dace, ko da ka ce dubu 80 ne. Sai kuɗi: ka sa farashin da kake saye yau. In mun ɗauka Naira 50 ne kara, to 500 ke nan a rana, dubu 15 a wata, 182,500 a shekara. Ka ajiye wannan adadi kusa da kuɗin makarantarsa na zango, ko kusa da kuɗin keken ɗinki sabo. Yaro yana iya musun wa'azi, lissafi kuwa zai zauna ya sake bugawa da kansa.

Ga misalin yadda wasiƙar za ta iya kasancewa. Na gina ta ne da abin da ka gaya min da kuma abin da masu shan taba suka saba fama da shi. Duk inda bai dace da rayuwarka ba ka goge ka sa naka, domin jimla ɗaya ta ƙarya in ya gano ta, ta ɓata sauran.

"Abba, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, karatu yana tafiya daidai. Mamanka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

"Na ji abin da ya faru da hutu, na kuma ji amsar da ka ba mamanka. Ba don in yi maka faɗa na rubuto ba. Abin da ka faɗa gaskiya ne, ina sha. Amma ba ita ya kamata ta ji wannan amsa ba, ita ba ta taɓa sha ba, haƙuri kawai take yi da ni shekara da shekaru. Ni ya kamata ka tambaya, kuma tunda ban taɓa ba ka fuskar tambaya ba, ga amsar.

"Na girme ka da shekara ɗaya lokacin da na fara. Ana saura kwanaki sallah, ɗinki ya taru, muna kwana a shago. Wajen ƙarfe biyun dare barci ya fara fizgata a kan keke, sai wani da ya girme ni a wurin aiki ya miƙo min rabin karansa ya ce in ja, barcin zai tafi. Na ja, na yi tari har hawaye, kaina ya juya, suka yi ta dariya. Ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Abin da na ji daɗinsa shi ne daga ranar sun daina aikena sayen shayi, na zama ɗaya daga cikinsu. Na ce a raina in an gama ɗinkin sallah na bari. Sallar nan ta wuce da shekara 27.

"Ban san ranar da ta kama ni ba, kuma wannan ne nake so ka fi riƙewa. Babu ranar da na zauna na ce daga yau ni mashayin taba ne. Da farko sai an ba ni. Daga baya na fara sayen kara ɗaya wurin mai tireda don kada a ce kullum roƙo nake. Sai wata rana na wayi gari ba ni da ko sisi, na tsinci kaina ina duba ƙasan teburin yanka ko akwai guntun da wani ya yar. A ranar na gane ba ni nake riƙe da ita ba. Lokacin ko shekara 19 ban cika ba.

"Zan gaya maka yadda yinina yake, wanda ba ka gani. Ina idar da sallar asuba, tun ban gama addu'a ba, hankalina yana kanta. In na shiga mota zuwa Kano sayen yadi, lissafina inda direba zai tsaya. In na je gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure, kafin a shafa fatiha na fara neman hanyar zamewa. A sahun sallah na sha ganin na kusa da ni ya kau da fuska, in yi kamar ban lura ba. Da azumi, mutane suna ɗokin ruwa da dabino, ni kuwa dabinon a bakina yake ina laluben ashana. Na kai azumi tun alfijir don Allah, amma minti biyar bayan kiran sallah ba ni da ikon kaina. Duk cikin abin da taba ta yi min, wannan ya fi yi min ciwo.

"Akwai ranar da kana firamare ka zo ka ce an ce ku kawo kuɗin littafi, na ce maka babu, ka bari sai gobe. A ranar na sayi taba. Ba na jin ka tuna, ni kuwa ban manta ba. Na yi lissafi kwanan nan, abin da nake ƙonawa a shekara ya haura dubu 180. Ka buga da kanka ka gani, kara goma a rana.

"Da ina buga ƙwallo kamar yadda kake yi. Yanzu in na hau bene hawa biyu sai na tsaya na huta. Tarin da kake ji ina yi da asuba ba mura ba ce. Ku ma ban bar ku ba, kun sha hayaƙina tun kuna zanin goyo, ba tare da an tambaye ku ba. Wannan haƙƙinku ne a kaina, ina roƙon ka yafe min, zan kuma roƙi mamanka da ƙannenka.

"Na yi ƙoƙarin bari ba sau ɗaya ba. Ka san ni ba rago ba ne, ka ga yadda nake kwana a kan aiki. Amma ɗan abin nan da bai kai tsawon yatsa ba ya kayar da ni duk lokacin da muka kara. Abokanka za su ce maka duk ranar da suka ga dama za su daina. Haka na ce. Haka wanda ya miƙo min ya ce. Kai yanzu kana wurin da fita take da sauƙi, ni na wuce wurin tuntuni, kuma da za a sayar min da komawa can da na sayar da kekunan shagon nan duka na saya.

"Ba zan sa ka rantse min ba. Abu biyu nake nema. Ka gaya min gaskiya, sau nawa kake sha, kuma in ka kwana biyu ba ka sha ba me kake ji. Duk abin da ka faɗa ba zan ɗaga maka murya ba, ba kuma zan kai ka gaban kowa ba. Na biyu, na sa ranar ɗaya ga watan gobe zan ajiye ta. Ban ce maka in ka bari zan bari ba, ko ka bari ko ba ka bari ba ni zan yi nawa. Ina so ka riƙa tambayata duk lokacin da muka yi waya. In na faɗi zan gaya maka, in sake tashi.

"Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka daga abin da ban tsare kaina ba. Mahaifinka."

Za ka lura babu tsinuwa a ciki, babu Allah ya isa, babu barazanar cire shi daga makaranta. Na bar su da gangan. Bakin uba yana da nauyi, kuma yaron da aka tsorata ba ya daina sha, ɓoyewa yake koya: alawa mai yaji a aljihu, turare a riga, guntu a bayan ɗakin wanka. Na kuma bar dogon bayani kan hukuncin taba a addini. Malamai da yawa na wannan zamani sun haramta ta saboda cutarwa, wasu sun tsaya a karhanci, kuma ya ji wannan a Islamiyya. Labarin dabino da ashana zai isar masa da saƙon fiye da fatawa daga bakin wanda bai bi ta ba tukuna. Kada kuma ka ƙara gishiri. In ka ce masa kara ɗaya yana kisa, ko duk mai shan taba ɗan iska ne, ya san ba haka ba ne, tunda ubansa mutumin kirki ne.

Wani abu da za ka iya ƙarawa, in ka ga alama, shi ne shisha. Matasa da yawa sun ɗauka ruwan da ke cikin tulun yana tace gubar, ga ƙamshin tuffa ko na'ana'a. Ba ya tacewa. Taba ce, da nikotin ɗinta, ga kuma gawayin da ake ɗorawa a sama yana ƙara iskar nan mai guba, kabon monoksaid, irin wadda ke fita daga janareta ta kashe mutane a ɗaki rufe. Zaman shisha ɗaya yakan kai kusan awa guda, kuma hayaƙin da ake zuƙa a ciki ya ninka na karan sigari sau da yawa. Sigarin lantarki da ake cajinsa shi ma galibi nikotin ne a ciki, wani lokaci mai ƙarfi sosai. Ka kuma sani cewa dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara, sai dai kwali. Ko'ina ana karya wannan doka, kuma kara-karan nan ita ce ƙofar da yara ke shiga, domin kuɗin kara ɗaya ba ya fin ƙarfin ɗan makaranta. In mai tiredan unguwarku ne yake sayar masa, ka je ka same shi cikin mutunci ku yi magana.

Yanzu sakin layin wasiƙar da aka sa ranar ajiye taba a ciki, wanda ya fi kowanne tsada. Kada ka rubuta rana in ba ka shirya mata ba, amma ina ba ka shawara ka shirya ka rubuta. Wasiƙar nadama daga uban da ya ci gaba da busawa tana da amfani, iyaye masu sha da suka fito fili suka nuna ba sa so 'ya'yansu su sha sun fi waɗanda suka yi shiru. Sai dai wadda ta zo da aiki ta fi ta nesa ba kusa ba. Kuma kai ma kana da riba babba. Wasu masu bincike biyu, Richard Doll da Austin Bradford Hill, sun fara bin lafiyar dubban likitocin Birtaniya a 1951, aka bi su shekara 50. Sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna masu shan taba suna rasa kimanin shekara 10 na rayuwa a kan waɗanda ba sa sha. Wanda ya daina yana da 40 ya ceto kimanin 9 daga ciki, mai 50 kimanin 6, mai 60 kimanin 3. Rai a hannun Allah yake, amma ga sababi a fili, kuma a 44 kana gefen da ribar take da yawa.

Komawar da kake yi ba rashin zuciya ba ce. Cikin masu ajiyewa da ƙarfin hali kawai, ba magani ba shiri, waɗanda ke kai shekara ba su fi kamar 5 cikin 100 ba a kowane yunƙuri, kuma yawancin waɗanda suka rabu da ita sai da suka faɗi sau da yawa. Sanin abin da ke tafe yana taimakawa. Kwana ukun farko su ne mafi tsanani: fushi, ciwon kai, rashin barci, yunwa, hankali ya ƙi zama. Daga nan abin yana sauka, cikin mako 2 zuwa 4 mafi yawansa ya wuce. Ita kanta sha'awar tana zuwa ne ta tafi, takan yi 'yan mintoci ta lafa ko ka sha ko ba ka sha ba, to aikinka shi ne ka tsallake mintocin nan: ka tashi daga kan keke, ka sha ruwa, ka sa asuwaki a baki, ka yi alwala. Tari yana iya ƙaruwa a makonnin farko, domin 'yan gashin da ke share hanyoyin huhu, waɗanda hayaƙi ya kashe musu jiki, sun farfaɗo suna fitar da dattin da ya taru.

Kada ka sa ranarka a cikin ɗinkin sallah, lokacin kwanan shago da matsin masu kaya. A daren ranar ka fitar da kwali da ashana daga gida da shago, ka gaya wa yaran shagonka da 'yan majalisarku kada wanda ya miƙo maka, in ya zama dole ka ƙaurace wa teburin mai shayi na mako biyu. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba: hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin da ke cikin shayi da kofi da goro. In ka daina, shayin da ka saba sha zai yi maka ƙarfi kusan ninki biyu, ka ji bugun zuciya da rashin barci ka ɗauka rashin taba ne. To ka rage shayi da goro da rabi, kada ka maye gurbin taba da goro kamar yadda mutane suke yi.

Akwai cingam da filasta masu nikotin a manyan kantunan magani, suna ƙara damar nasara da kamar rabi ko fiye. Suna ba jiki nikotin a hankali ba tare da hayaƙin ba, kuma hayaƙin ne ke ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki masu jawo ciwon daji. Cingam ɗin yana zuwa da ƙarfi biyu, miligiram 2 da 4. In kana kunna karan farko cikin minti 30 da tashi daga barci, mai 4 ne naka. Ba a tauna shi kamar na yara: ka tauna kaɗan har ka ji yaji-yaji, ka ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya tafi ka sake taunawa, haka har kamar rabin awa. Wanda ya tauna da sauri ya haɗiye yawun zai sha shaƙuwa da tashin zuciya ya ce maganin ba shi da kyau. Akan yi kamar wata uku ana ragewa. In kana da ciwon zuciya ko hawan jini ka fara ganin likita, shi ne kuma zai iya rubuta maka ƙwayoyin da ke rage sha'awar in ya ga ya dace.

Tun da za ka ga likita, ka sa a duba ƙirjinka da jininka. Tarin da ya wuce mako biyu, ko kaki da jini, ko rama, ko zufan dare, ko dishewar murya da ta ƙi tafiya, ko ciwon ƙirji in ka yi sauri, babu wanda ake jira da shi. Shan taba yana ninka haɗarin tarin fuka kusan sau biyu, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware.

Shi kuma yaron, kada ka sa ran amsa a rubuce. Wataƙila in kun haɗu ranar ziyara ya gaishe ka kamar ba abin da ya faru. Kada ka tambaye shi ko ya karanta, ya karanta. Ka ja shi gefe nesa da mamansa da ƙannensa, kuna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ka fara da naka labarin: yau kwanana kaza, ga abin da ya fi ba ni wuya. Daga nan ka yi shiru ka ba shi fili. In ya ce sau biyu ne kawai abokai suka ba shi, ka karɓa, ku yi maganar abin da zai ce musu in sun sake miƙowa, domin yaro yana buƙatar jimlar da zai faɗa ba tare da ya ji kunya ba, ko da "ƙirjina ba ya ɗauka, ƙwallo nake yi" ce. In kuwa ya ce yana saye da kuɗinsa, ko yana sha shi kaɗai, ko ransa yana ɓaci in bai samu ba, ko ya gwada bari ya kasa, to ta fara kama shi. Kada ka ba shi cingam ɗinka, tunda bai kai 18 ba ka kai shi wurin likita da hutu, ku shiga tare. A wannan zaman ka tambaye shi a hankali ko akwai wani abu bayan sigari, wiwi ko ƙwaya ko maganin tari, da muryar da ka yi masa alkawari a wasiƙa, domin in akwai, maganin da za a nema daban ne kuma ba ya jiran hutu.